Yadda ake rubuta batun ladabtarwa a bayanan taron ƙungiyar ɗalibai

A shekarar 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar da Jami'ar Maiduguri ta yi wa wasu ɗalibai bayan tarzomar 1983, saboda an tauye musu haƙƙin kare kai. Darasin ya shafi shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai a Bauchi da sauran jihohi, domin idan hukunci ya jawo gardama, rubutaccen bayanin taro ake fara dubawa.

A misali, an tuhumi ma'aji da rashin kawo rasit. Sakatare zai rubuta "an zarge shi", ba "ya ci kuɗi" ba, tare da sunan mai ƙorafi da ranar da aka miƙa wa ma'ajin takardar gayyata. Daga nan sai amsarsa, da kalmominsa, a karanta masa ya tabbatar. Idan bai halarta ba, a rubuta hakan kawai, kada a mayar da shirunsa amsa laifi.

Hukunci shi ne ƙarshe: adadin ƙuri'u, da shaidar cewa mai ƙorafi bai jefa ba. Bayanin da ya tsallake amsar wanda ake zargi hujja ce a hannunsa ranar ɗaukaka ƙara.