Wata Shida a Sito, Layi Ɗaya a CV

Ɗalibin da ya yi SIWES a sito yakan rubuta a CV ɗinsa: "Na taimaka wajen lissafin kaya." Mai ɗaukar ma'aikata ba zai ga komai a nan ba, domin "taimaka" ba ta nuna abin da hannunsa ya yi. Gara ya fara da aikin kansa, wato tsarawa ko tantancewa, sannan ya kawo adadi da sakamako: "Na tsara rajistar kaya 400 a Excel, ƙirgar mako ta ragu daga kwana 2 zuwa awa 5." Adadin kuwa daga kundin aikin da shugabansa ya sa wa hannu zai ɗauko shi. Kada ya ƙara gishiri, domin ranar ganawa za a tambaye shi yadda ya auna.