Takardar Neman Tallafi a Harshe Biyu: Inda Lissafi Yake Saɓawa

Idan aka rubuta 1,500 aka miƙa wa ma'aikacin ofis a Kano ko Landan, dubu ɗaya da ɗari biyar zai karanta. Idan aka miƙa wa takwaransa a Maraɗi ko Faris, wanda ya yi karatu da Faransanci, ɗaya da rabi zai gani. A Turanci waƙafi ne yake raba dubbai, ɗigo kuma ya raba cikakkiyar lamba da gutsurenta. A Faransanci waƙafin ne yake yin aikin ɗigo, dubbai kuwa da ɗan fili ake raba su, a rubuta 1 500. Wannan ƙaramin bambanci ya isa ya jefa ƙungiya mai neman tallafi cikin zargin da ba ta ji ba, ba ta gani ba.

Ƙungiyoyin raya karkara suna rubuta doguwar takarda idan za su nemi kuɗin aiki, mai shafi ashirin ko fiye, amma a gabanta akan sa taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya ko biyu. A nan ake faɗin abin da za a yi, wa zai amfana, nawa ake nema, da lokacin da za a gama. Jami'in da takardu suka taru a teburinsa wannan shafin yake fara karantawa, wani lokaci ma shi kaɗai yake karantawa kafin ya yanke ko sauran sun cancanci a duba. A Nijar, inda dokar da aka kafa a 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, ba baƙon abu ba ne ƙungiya ta aika kwafin Faransanci ga mai ba da tallafi a Beljiyam, na Turanci kuma ga wata gidauniya a Birtaniya, a kan aiki guda. Haka abin yake a Kamaru, inda harsunan biyu duka na hukuma ne. Masu ba da tallafin da suka haɗa kuɗi a aiki ɗaya kuwa suna magana da juna, suna kuma gwada takardunsu.

Bari mu ƙirƙiro misali, mu bi shi daki-daki. A ce wata ƙungiya a karkarar Maraɗi tana son gyara rijiyoyin burtsatse huɗu da suka lalace, ta sa musu famfo mai aiki da hasken rana. Kuɗin aikin kansa, wato kayan aiki da ladan masu gyara da sufuri da horar da kwamitocin ruwa, ya kama sefa 40,000,000. A kan wannan sai a ɗora kuɗin tafiyar da ofis, irin su haya da wuta da albashin akanta. Tarayyar Turai ta saba yarda da abin da bai wuce kashi 7 cikin ɗari na kuɗin aikin ba, don haka ƙungiyar ta sa 2,800,000. Jimilla 42,800,000. Jama'ar ƙauyukan za su kawo kashi goma cikin ɗari, 4,280,000, abin da ake nema daga waje ya zama 38,520,000.

Tun a nan ake fara zamewa. Kwafin Faransanci ya ce kashi 7 na kuɗin aikin. Mai fassara, da yake son jimlarsa ta yi gajarta, ya rubuta da Turanci cewa kashi 7 na kasafin ne. Mai duba takarda a Landan ya ɗauki kalkuleta ya buga kashi 7 na 42,800,000, ya sami 2,996,000. Ya duba jadawali ya ga 2,800,000. Sefa 196,000 ke nan da ba a san inda suka shiga ba. Babu wanda ya ci ko sisi, amma jami'in ba shi da hanyar sanin haka. Abin da ya gani shi ne ƙungiyar da lissafinta bai daidaita ba tun kafin kuɗi su shiga hannunta.

Sai canji. Sefa tana da sauƙin da naira ba ta da shi: tun 1 ga Janairu 1999 an ɗaure ta da yuro a kan farashi guda, yuro ɗaya sefa 655.957. Da wannan farashin, 42,800,000 ta zama yuro 65,248. Amma mutane sun saba yanke shi zuwa 650 a baki, kuma idan mai kwafin Turanci ya yi lissafi da 650 zai sami yuro 65,846. Bambancin yuro 598 ne, kusan sefa 392,000, daga takarda ɗaya zuwa 'yar'uwarta. Ga ƙungiyar Nijeriya abin ya fi haka haɗari. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kwafi biyu da aka shirya da tazarar wata guda suna iya zuwa da jimilla biyu mabambanta ba tare da an taɓa ko layi ɗaya na kasafin ba. Maganin shi ne a zaɓi kuɗi ɗaya a matsayin na asali, a rubuta farashin canjin da aka yi amfani da shi da ranarsa da inda aka samo shi, a kuma maimaita wannan layin a kwafin biyu. Tarayyar Turai tana fitar da nata farashin wata-wata a shafin da ake kira InforEuro. Haka nan a bambanta sefar Nijar, mai alamar XOF, da ta Chadi da Kamaru, mai alamar XAF. Darajarsu ɗaya, amma ba kuɗi ɗaya ba ne.

A ganina, duk da haka, lambobi ba su ne babbar matsala ba, domin kuskuren lamba yana fitowa fili da zarar an jera takardun biyu. Alkawari ne yake ɓuya. Ƙungiyarmu gyara za ta yi, ba sabon haƙa ba. Idan kwafin Turanci ya ce za a samar da rijiyoyi huɗu, mai karatu sababbi zai ɗauka, kuma ranar da ya turo mai bincike ya tarar da tsofaffin rijiyoyi da sabon famfo, zai ce an yaudare shi. Kwafi ɗaya ya ce za a horar da aƙalla mutum 40, ɗayan ya ce har zuwa mutum 40. Arba'in ɗin ba ta canja ba, amma idan aka horar da 32, a takarda ta farko an saɓa alkawari, a ta biyu an cika. Haka bambancin yake tsakanin "za mu yi" da "muna fatan yi". Mai fassara mai son burge mai kuɗi yakan ƙarfafa lafazi, mai tsoro kuma yakan sassauta shi, kuma dukansu biyu sun canja abin da ƙungiya ta ɗaukar wa kanta.

Yawan masu amfana ma haka. A ce gidaje 600 ne za su ɗibi ruwa a rijiyoyin, aka ƙiyasta mutum bakwai a kowane gida, 4,200 ke nan. Idan kwafi ɗaya ya ambaci gidaje, ɗayan ya ambaci mutane, duka gaskiya ne, amma mai ba da tallafi yakan raba kuɗi da yawan masu amfana don ya ga tsadar aiki. Raba 42,800,000 da 4,200 yana ba da kusan sefa 10,200 a kan kowane mutum. Raba ta da 600 yana ba da sama da 71,000. Wanda ya ɗauki ɗari shidan nan a matsayin mutane zai ga aikin ya ninka tsadarsa sau bakwai. Don haka a rubuta duka biyun a jere a kowane kwafi, tare da ƙiyasin mutum bakwai da aka yi amfani da shi.

Wa'adi yana da nasa tarkon. Wata 18 daga yaushe? Daga ranar sa hannu a yarjejeniya, ko daga ranar da kason farko na kuɗi ya shigo asusu? Tsakanin biyun ana iya samun watanni, kuma a ƙasar da damina take kankama daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da hanyoyin karkara suke ɓaci, jama'a kuma suke gona, wata biyu na iya cinye zangon aiki guda. Ranaku kuma a rubuta sunan wata da haruffa. 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurin Bafaranshe da Baturen Ingila 3 ga Afrilu.

Waɗanda suka goge a wannan aiki ba sa fara rubutu da kowane harshe sai sun gama wata takarda ta uku da ba a aika wa kowa. Jadawali ne guda, a Excel ko a takarda ma, mai ɗauke da kowace lamba da kowane alkawari a layinsa: rijiyoyi huɗu, gyara, gidaje 600, mutum 4,200, horo, aƙalla mutum 40, wata 18 daga ranar sa hannu, jimilla, gudummawar jama'a, abin da ake nema, farashin canji. Akanta da shugaban aiki su amince da shi, su sa masa kwanan wata. Daga nan kowane kwafi yake ɗibar lambobinsa, ba daga ɗan'uwansa ba. A Faransanci a rubuta 42 800 000 FCFA, a Turanci XOF 42,800,000. Salon jimla yana iya bambanta yadda kowane harshe ya fi daɗi, amma tsarin sakin layi ya zama ɗaya, domin a iya ɗora yatsa a layi na uku a nan a same shi a layi na uku a can.

Bayan an gama sai a zaunar da mutum biyu, kuma an fi so kada mai fassarar ya kasance cikinsu, domin ido ba ya ganin kuskuren da ya saba da shi. Ɗaya ya karanta lambobin kwafinsa da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, ɗayan yana yi wa nasa alama. A ƙirga lambobin ma: idan wannan yana da goma sha tara, wancan goma sha takwas, akwai abin da ya faɗi a hanya. Zagaye na biyu na kalmomin alkawari ne kaɗai. A ƙasan kowane kwafi kuma a rubuta layin da ke cewa idan aka sami saɓani, kwafin harshe kaza ne abin dogaro. Wannan layin yana raba gardama a shari'ance, amma ba ya hana jami'i ya yi wa ƙungiya kallon marasa tsari.

Mafi yawan saɓani ba a fassarar farko yake shigowa ba, a gyaran daren ƙarshe ne. Ɗan kasuwa ya ƙara kuɗin famfo, akanta ya gyara jadawalin kasafi da kwafin Faransanci, kowa ya manta da na Turanci da aka riga aka mayar PDF. Dokar ita ce duk gyara ya fara daga takarda ta ukun nan, a canja kwanan watanta, a sake fitar da kwafin biyu tare.

Akwai kuma kwafin da ba a rubutawa, wanda ake faɗa da baki da Hausa a ƙofar gidan mai gari. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, jikka kuma sefa dubu, alhali a Nijeriya jaka naira ɗari biyu ce. Wanda zai yi wa jama'a bayani ya mai da lissafin tun daga ofis: gudummawarsu jikka 4,280 ce, kimanin jikka bakwai a kan kowane gida. Ya kuma faɗa musu ko tsabar kuɗi ake nufi ko yashi da tsakuwa da aikin ƙarfi, domin akwai masu ba da tallafi da ba sa lissafa gudummawar da ba ta kuɗi ba a cikin kasafi. Abin da aka faɗa a wannan taron dole ya zama shi ne aka rubuta a layin gudummawar jama'a na Faransanci da na Turanci.