Me ERP Ke Yi wa Mai Shago, Me Kuma Ake Ƙaƙaba Masa?

Maganganu sun yi yawa a kan ERP: wasu na cewa Excel ne aka yi wa kwalliya, wasu na cewa yana hana yaran shago sata, wasu kuma na cewa sai manyan kamfanoni. ERP manhaja ce da ke ajiye saye, sayarwa, kaya, bashi da kuɗi a rumbun bayanai guda, ta yadda ciniki ɗaya sau ɗaya ake rubuta shi. Da wannan za a auna kowace magana.

A ɗauka mai shago yana da buhun shinkafa 40, ya sayo kowanne a naira 70,000, sai ya ba wani 10 bashi a kan 75,000. Idan takardar kaya daban, ta kuɗi daban, dole a rage 10 a can, a rubuta bashin 750,000 a nan. Yaro ya yi ɗaya ya manta ɗaya, takarda na cewa 40, sito na cewa 30, kuma babu mai sani sai ranar ƙirga. A ERP kuwa, da an fitar da takardar ciniki, kaya ya koma 30, bashi ya hau sunan mai saye, an cire kuɗin saye 700,000, ribar 50,000 ta bayyana. Wani zai ce ai ana haɗa takardun Excel su yi hakan. Ana haɗawa, gaskiya ne. Sai dai yawanci kowa na iya goge lamba ba tare da sawu ba, alhali ERP yana nuna wanda ya shigar da abu da lokacin da ya shigar.

Daga nan zancen hana sata ya samo asali, amma an yi masa ƙari. Buhun da ya fita ta bayan gida ba a rubuta ba, manhaja za ta ci gaba da cewa yana nan. Ƙirga da hannu ne ke tona giɓin. Haka kuma idan an fara da ƙirgar ƙarya, ko an shigar da buhu ana sayar da mudu ba a faɗa wa manhajar mudu nawa ke cikin buhu ba, kuskuren zai ratsa har lissafin riba, saboda komai a haɗe yake.

Batun manyan kamfanoni ya taɓa zama gaskiya, zamanin da irin su SAP na Jamus suka mamaye fagen. Yanzu akwai ERPNext da Odoo Community da ba a biyan lasisinsu, ko da yake saitawa, horar da yara, wuta da data duk kuɗi ne. Mai shago ɗaya da ke tsaye a kan cinikinsa, kayansa kaɗan, Excel ya ishe shi. Hidimar ERP tana fara biyan kanta ne idan sito ya zama biyu, masu rubutu sun haura ɗaya, bashi kuma ya yawaita.