Yadda Zinki da Jan Ƙarfe Ke Ba da Wutar Lantarki

Batirin da ke cikin tocila da rediyo yana da kaka, wato wani haɗi mai sauƙi da masanin Ingila John Frederic Daniell ya ƙirƙiro a shekarar 1836. A yadda ake haɗa shi a ɗakin gwaji, kayan aikinsa kofi biyu ne na gilashi. A ɗaya ana tsoma sandar zinki cikin ruwan zinki salfet, a ɗayan kuma sandar jan ƙarfe cikin ruwan kofa salfet mai launin shuɗi, sannan a haɗa sandunan da waya.

Zinki ya fi jan ƙarfe saurin sakin ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektaron. Kowace ƙwayar zarra ta zinki tana barin elektaron biyu a jikin sanda, ita kuma ta narke cikin ruwa: Zn → Zn²⁺ + 2e⁻. Wannan sanda ita ce anod, kuma ita ke da alamar ragi. Elektaron ɗin sai su bi waya zuwa sandar jan ƙarfe, wadda ake kira katod, mai alamar tarawa. A can jan ƙarfen da ke narke a ruwa yake karɓarsu ya daskare a jikin sanda: Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu. Wannan tafiya ta cikin waya ita ce wutar, kuma ƙarfinta ya kai kimanin bolt 1.1.

Sai dai da waya kaɗai, aikin nan take yake tsayawa. Kofin zinki yana tara caji mai alamar tarawa, na jan ƙarfe kuma ya rage da rarar salfet mai alamar ragi, wannan rashin daidaito kuwa yana hana elektaron ci gaba da wucewa. A nan gadar gishiri take shigowa. Bututu ne lanƙwasasshe, ko ma takardar tacewa, da aka jiƙa da ruwan gishirin fotashiyam naitiret, bakinsa ɗaya a kowane kofi. Ƙwayoyin naitiret masu ragi suna gangarawa wajen anod, na fotashiyam masu tarawa su nufi katod, cajin kowane ɓangare ya daidaita ba tare da ruwan biyu sun gauraya ba. Elektaron ba sa bin gadar, hanyarsu waya ce kawai. Da an cire gadar, ko ta bushe, mita za ta faɗo sifiri.

Ana iya ganin aikin da ido. Sandar zinki tana ramewa, ta jan ƙarfe tana kauri, shuɗin ruwan yana dusashewa. Duk giram 65 na zinki da ya narke, kusan giram 64 na jan ƙarfe ne ke hawa katod. Ƙara girman sanduna ba ya ɗaga bolt ɗin, sai dai a jera irin wannan haɗi biyu bi da bi a sami 2.2. Ranar da zinkin ya ƙare ko ruwan ya rasa jan ƙarfensa, wuta ta ɗauke ke nan.