Hotuna Nawa Manhajar Musanya Fuska Take Buƙata?

Manhajar musanya fuska irin su Faceswap da DeepFaceLab ba ta yanko fuskar wani ta manna a kan ta wani. Koyon zana fuskokin mutum biyu take yi daga tarin hotunansu, sannan ta zana fuskar ɗayan a mazaunin ta ɗayan. A cikinta akwai ɓangare guda da ake kira enkoda, wanda mutanen biyu suke tarayya a kansa. Aikinsa shi ne ya dubi hoto ya taƙaita abin da ke ciki: ina kai ya juya, yaya baki ya buɗe, daga ina haske ya fito. Sai kuma dikoda biyu, kowane mutum da nasa, waɗanda suke karɓar wannan taƙaitaccen bayani su mayar da shi fuska. Idan an zo musanya, sai a ba enkoda hoton mutum na farko, a miƙa bayanin ga dikodan mutum na biyu. Wannan tsari ya bazu ne tun ƙarshen shekarar 2017, kuma daga shi ne amsar tambayar yawan hotuna take fitowa: dikoda ba ya iya zana mutum da kyau a yanayin da bai taɓa ganinsa a ciki ba.

Jagorar horo ta Faceswap ta ba da adadi. Mafi ƙaranci shi ne hotuna 500 mabambanta ga kowane mutum, kuma abin da ya fi dacewa yana tsakanin 1,000 da 10,000 a kowane ɓangare. Masu farawa sukan riƙe adadin su manta da sharaɗin bambanci. Bidiyon da ke tafiya a kan firam 25 a daƙiƙa yana ba da hotuna 1,500 a minti guda, don haka hirar minti goma za ta ba da 15,000. Amma idan mai hirar yana zaune ne yana kallon kyamara ƙarƙashin fitila ɗaya, waɗannan dubban kusan hoto ɗaya ne da aka yi ta maimaitawa. Shi ya sa manhajar take da zaɓin `Extract Every N`, wanda yake ɗaukar firam ɗaya cikin kowane goma ko ashirin ya bar sauran. Hotuna 800 daga wurare biyar sun fi 15,000 daga kujera ɗaya amfani nesa ba kusa ba.

Motsin kai iri uku ne, kuma ba duka ne suke buƙatar kulawa ɗaya ba. Karkata kai zuwa kafaɗa ba matsala ba ne, domin manhajar tana gano ɗigo 68 a kan ido, hanci, baki da haɓa, ta miƙar da fuskar kafin horo. Juya kai hagu da dama, da kuma ɗaga kai ko sunkuyar da shi, su ne ba su da dabara. Gefen hanci, tudun kunci da ƙarƙashin haɓa ba sa bayyana a hoton gaba, kuma babu jujjuya hoto da zai fito da su. A lokacin horo akan kifa hoto kamar a madubi don gefen dama ya taimaki na hagu, amma wannan yana da illa ga mai tabo ko tsage a kunci ɗaya, domin alamar za ta iya dushewa ko ta bayyana a kuncin da ba nata ba. Ga irin wannan fuska gara a kashe kifawar, a nemo hotunan kowane gefe na gaske.

Buƙatar mutanen biyu ba daidai take ba. Wanda za a ɗora fuskarsa, wato wanda DeepFaceLab take ajiye hotunansa a `data_src`, shi ne dole hotunansa su ƙunshi duk kusurwa, duk yanayin fuska da duk irin hasken da ke cikin bidiyon da za a gyara. Wanda za a rufe fuskarsa kuwa, na `data_dst`, babban abin da ake so shi ne enkoda ya saba da firam ɗin da za a yi aiki a kansu, ko da yake ƙarin hotunansa daga wasu wurare yana taimakawa. Saboda haka aikin yana farawa ne da kallon bidiyon da za a gyara, a lura da duk inda kai ya nufa.

Misali shi ne kamfanin fim da ya ɗauki wani fage na daƙiƙa 40 da mai tsayawa a madadin jarumi, da yardar su biyun. Fagen ya ba da firam 1,000. A cikinsa mutumin ya fara da kallon kyamara, ya juya gefe sosai yana magana da wani, ya sunkuya ya dubi takarda, sannan ya yi dariya, hasken taga yana dukan kuncinsa na hagu. Na jarumin kuma akwai hirar nan ta minti goma, wadda ɗaukar firam ɗaya cikin goma ya mayar da ita hotuna 1,500. Adadi ya cika. Sai dai idan aka jera hotunan bisa juyin kai, abin da duka manhajojin biyu suke iya yi, za a tarar kusan dukansu sun taru a tsakiya, gefuna babu komai.

Sakamakon horo da irin wannan tari sananne ne. Sashen farko na fagen zai yi kyau ƙwarai. Da kai ya juya gefe, hanci zai narke, fuskar ta yi dishi-dishi ko ta riƙa ƙyaftawa daga firam zuwa firam. Wurin sunkuyawa ido zai ci gaba da kallon gaba, domin dikoda bai san jarumin da fatar ido a sauke ba. Wurin dariya haƙora za su zama farin dunƙule marar rabe-rabe. Ƙara kwanakin horo ba ya gyara wannan, kuma lambar kuskure da manhajar take nunawa za ta iya ci gaba da sauka alhali matsalar tana nan, tun da tana auna ƙwarewa ne a kan hotunan da aka bayar kawai. Hoton gwaji da ake gani a allo lokacin horo ya fi ta faɗin gaskiya.

Maganin shi ne a zaunar da jarumin na 'yan mintuna gaban kyamara mai kyau, kusa da taga, ya juya kai a hankali daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya dubi sama da ƙasa, ya yi magana, ya yi dariya, ya lumshe ido, sannan a sauya wurin haske a maimaita. Daga nan a rage hotunan gaba da suka yi yawa don kada su danne na gefe, waɗanda manhajar za ta riƙa cin karo da su jefi-jefi idan sun yi kaɗan. Hotunan gefe sosai suna buƙatar dubawa da ido, domin a nan ne mai gano ɗigo ya fi yin kuskure, kuma fuskar da aka miƙar a karkace tana koya wa manhajar siffar da ba ta mutumin ba.

Tsabtar tarin ma tana shiga lissafi. Hoto mai dishi-dishi, fuskar wani da ta kutso daga bayan fage, ko hannu da makirufo da suka rufe baki ba tare da an keɓe su ba, duk suna rage kyan sakamako. Haka nan haɗa hotunan mutum na shekaru masu nisa da juna, ko masu gemu da marasa gemu, yana haifar da fuska tsaka-tsaki wadda ba ta yi kama da shi a kowane lokaci ba. Girman hoto kuma ya kamata ya kai wanda ake horo da shi: idan ana aiki da fiksel 256, fuskar da asalinta fiksel 100 ce ba za ta ba da gashin gira ko layin leɓe ba, ko da an faɗaɗa ta.

Akwai wasu manhajoji, irin su SimSwap, da suke musanya fuska da hoto ɗaya tak. Su an riga an horar da su a kan fuskokin mutane masu ɗimbin yawa, don haka kintata gefen fuska suke yi daga abin da suka gani a jikin wasu, kuma a nan ne kamannin yakan ragu idan kai ya juya sosai.