Cire Wayar Wuta Daga Sararin Sama A Hoto: Inda Clone Stamp Ya Bambanta Da Healing Brush

Duk mai ɗaukar hoto a cikin gari ya san ciwon kan wayar wuta. An gama gini, an yi fenti, mai gida yana son hoton da zai rataya a falo, sai ga baƙar waya ta taso daga falwaya, ta raba sararin sama biyu, ta shige bayan rufin kwano. Idan babu wurin tsayuwar da zai kauce mata, sai a koma kan kwamfuta. A manhajar Photoshop akwai kayan aiki biyu da suka daɗe suna wannan hidima, Clone Stamp da Healing Brush. Ana riƙe su iri ɗaya: ka danne Alt, ka taɓa wurin da kake son ɗebowa, sannan ka shafa a kan abin da kake son gogewa. Wannan kamannin ne yake sa masu koyo da yawa su zaci duk ɗaya ne. Amma abin da kowanne yake yi da abin da ya ɗebo ya sha bamban, kuma babu inda bambancin yake fitowa fili kamar a sararin sama.

Clone Stamp kwafa kawai yake yi. Launin da ya tarar a inda ka ɗebo, da haskensa da duhunsa, shi zai ajiye a inda ka shafa, bai ƙara ba bai rage ba, kuma ba ruwansa da abin da ke kewaye da wurin. Healing Brush, wanda ya shigo Photoshop a shekarar 2002 tare da fitowa ta 7, ba ya tsayawa nan. Yana ɗebo zubin wurin, wato ɗan tsaki-tsakin da ke cikin kowane hoto da ƙananan zane-zanensa, amma launi da haske sai ya dubi bakin wurin da ka shafa ya daidaita su da shi. Kamar tela ne da zai yi wa tsohuwar riga faci: na farko ya yanko ƙyalle ya ɗinke yadda yake, na biyu ya ɗinke sannan ya rina facin har ya saje da jikin rigar ta kowane gefe.

Abin da ido ba ya saurin lura da shi shi ne sama ba launi ɗaya ba ce. A ranar da gari ya washe, shuɗin ya fi duhu a can ƙololuwa, yana kuma yin fari-fari yayin da yake gangarowa kan rufin gidaje. A hoto na yau da kullum ana auna haske daga 0, baƙi wuluk, zuwa 255, fari fat. Mu ɗauki misali da hoto mai faɗin fiksel 6000 da tsayin 4000, wanda sama ta cinye fiksel 2400 na tsayinsa. A ce hasken saman ya fara daga 120 a can sama, ya kai 200 a kusa da rufi. Kenan duk gangarowar fiksel 30, haske yana ƙaruwa da mataki ɗaya. Idan ka ɗebo da Clone Stamp daga nisan fiksel 300 a saman wayar, abin da za ka ajiye ya fi wurin duhu da mataki 10. Wayar za ta tafi, amma za a ga wani dishi-dishin layi ya bi sawunta daga wannan gefe zuwa wancan, kuma a fili mai santsi irin sama ido ba ya yafe irin wannan.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ɗebo daga dama ko hagu, a tsayi ɗaya da wurin gyara, tunda nan haske ya fi zama daidai. Shawara ce mai kyau idan tsuntsu ko ɗigon ƙura za a goge. Ga waya kuwa ba ta aiki, domin ita kanta a kwance take: damanta waya ce, hagunta waya ce. Dole ka ɗebo daga sama ko ƙasa, wato ta inda launin yake canjawa. Abin da ya rage wa mai Clone Stamp shi ne ya matso kusa sosai, kamar fiksel 30 zuwa 40 daga wayar, inda bambancin yake wajen mataki ɗaya. Matsowar ma da nata haɗarin. Wayoyin wuta ba safai suke tafiya ɗaya tilo ba, sukan jeru uku ko huɗu, kuma kowacce tana lanƙwasowa a tsakiya saboda nauyinta. Yayin da kake shafawa, wurin ɗibar yana tafiya tare da hannunka, ga shi nan ɗan alamar giciye a kan allo. Da zarar ka ɗauke ido ya hau waya ta biyu, sai ka ga ka goge waya a nan ka shuka wata a can.

A wannan buɗaɗɗen fili Healing Brush ya fi, nesa ba kusa ba. Ko ka ɗebo daga nisan fiksel 300 ɗin nan, zai auna bambancin da ke tsakanin abin da ka kawo da saman da ke kewaye, ya baza gyaran a hankali cikin wurin da ka shafa. A tsofaffin fitowar manhajar kana iya kallon abin yana faruwa: kana shafawa launin bai dace ba, kana sakin linzamin kwamfuta sai ya narke ya ɓace. Sharaɗi ɗaya ne, burushin ya rufe wayar gaba ɗaya har ya zarce. Wayar da kaurinta fiksel 6 ne takan zo da wani siririn farin layi a gefenta, wanda kaifafa hoto da kyamara ke yi yake haifarwa, wani lokaci har da ɗan shunayya ko kore daga gilashin kyamarar. Idan aka haɗa da su faɗin zai iya kai 12. Burushi mai faɗin 20 ya isa, kuma gara bakinsa ya kasance mai ɗan tauri, wato a ɗaga Hardness, tunda shi da kansa yake saje baki. Tunda wayar ba miƙaƙƙiya ba ce, a bi ta gaɓa-gaɓa: ka taɓa nan, ka danne Shift ka taɓa gaba kaɗan, manhajar ta ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu, haka har ka bi lanƙwasar.

To amma waya ba ta ƙarewa a iska. Tana shiga bayan rufi, ko ta maƙale a falwaya, ko ta ratsa ganyen bishiya, kuma a nan ne ƙarfin Healing Brush yake zama rauninsa. Shi bai san rufi ba, bai san sama ba, baki kawai yake dubawa. Idan bakin shafarka ya taɓa inuwar rufi mai haske 40 alhali saman wurin 190 ce, zai ɗauka aikinsa ne ya sulhunta su, sai ya jawo duhun rufin cikin sama. Sakamakon wani baƙin dabbare ne mai kama da hayaƙi yana fitowa daga bakin kwano. Duk wanda ya ga irin wannan tabo a hoto, ya san Healing Brush aka kai inda bai kamata ba. Ita wayar ma tana jawo hakan: idan ka tsayar da shafa a tsakiyarta, ragowar baƙin da ke gaba zai zubo cikin wurin da ka gyara.

Saboda haka, a ganina, tambayar wanne ya fi ba ta da amfani sosai. Abin lura shi ne wanne zai fara. Ga yadda aikin yake tafiya a hoton gidan nan. Da farko a buɗe sabon Layer wanda babu komai a kansa, a saita Sample zuwa Current & Below, domin gyaran ya zauna daban, asalin hoton kuma ya tsira. Sai a ɗauki Clone Stamp a je inda waya ta haɗu da rufi. A nan ba sama zalla za a ɗebo ba. A danne Alt a daidai kan bakin rufin, a wani wuri mai tsabta kusa da wayar, yadda rabin burushi zai ɗauki kwano rabi ya ɗauki sama. Sannan a kawo shi kan mahaɗar, a daidaita layin rufin da ke cikin burushi da na hoto, a shafa. Bakin rufin zai fito da kaifinsa, domin Clone Stamp ba ya narkar da komai. A ci gaba da gogewa har a samu tazarar da ta ninka faɗin burushi biyu ko uku tsakanin rufi da ragowar waya. A yi haka a wajen falwaya. Yanzu an yanke wayar ta kai biyu, sama ta kewaye ta ko'ina, sai a miƙa wa Healing Brush ya share tsakiya.

Akwai wata hanyar ga wanda hannunsa bai faɗa ba wajen daidaita baki. A zagaye saman kaɗai da Polygonal Lasso, layin zaɓin ya bi bakin rufi daidai, sannan a shafa Healing Brush a ciki. Zaɓin yana hana launin da ke waje zubowa. Tana aiki sosai a kan miƙaƙƙen gini, amma a ganyen bishiya wahala ce, nan sai Clone Stamp da ƙaramin burushi da haƙuri.

Yanayin sama ma yana canja lissafi. A lokacin hunturu, idan hazo ya rufe gari, sama takan zama kusan launi ɗaya, Clone Stamp kaɗai zai iya gama aikin. A damina kuwa, inda waya ta ratsa bakin girgije, farin gajimare da shuɗin sama sun zama baki biyu masu karo, sai a yi musu irin abin da aka yi wa rufi. A nan Clone Stamp yana da nasa tarkon: idan ka yi ta ɗiba daga wuri ɗaya, wani ɗan lanƙwason girgije zai maimaitu sau uku a jere, mai kallo kuma zai gane ko bai san sunan abin da aka yi ba. Maganinsa a riƙa sauya wurin ɗiba akai-akai. Kada kuma a rage Opacity da nufin ɓoye aibi, domin shafa a kan shafa yana kashe tsakin hoton, wurin ya yi sumul fiye da kewayensa.

Wanda ba shi da Photoshop bai rasa ba. Manhajar GIMP kyauta ce, tana da Clone da Heal, kuma halinsu ɗaya da waɗannan, sai dai a can Ctrl ake dannewa wajen ɗiba.

Kafin a miƙa aiki, a gwada shi. Allon kwamfuta yakan ɓoye bambancin mataki biyu ko uku wanda zai iya bayyana idan aka buga hoton da girma. A ɗora Curves a saman komai na ɗan lokaci, a ja layinsa har bambancin haske da duhu ya yi tsanani fiye da kima. Idan wani layi mai duhu ko haske ya fito a tsohon gurbin waya, Clone Stamp ne ya ɗebo daga nesa. Idan dabbare ne a bakin rufi ko jikin falwaya, Healing Brush ne ya taɓa baki. A goge Curves ɗin gaba ɗaya kafin a adana hoton a kai wa mai bugawa.