Taron Bidiyo a Damagaram Idan Wuta Ta Ɗauke

Sanin kowa ne cewa wutar da kamfanin NIGELEC yake rarrabawa a birnin Damagaram takan ɗauke ba sallama, musamman a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ya tsananta. Saboda haka ɗan kasuwar unguwar Zango da ya yi alkawarin ganawa ta Zoom da abokin cinikinsa na Kano, wajibi ne ya fahimci cewa ba kwamfutarsa ce za ta fara yankewa ba, domin tana da batirinta. Akwatin intanet ne, wanda ko ƙiftawar ido wuta ta yi, sai ya ɗauki minti biyu ko uku kafin ya farfaɗo.

Maganinsa shi ne ƙaramin batirin ajiya, kuma hisabinsa mai sauƙi ne: akwatin da ke shan wat 10, in aka jona shi da batiri mai wat-awa 30, zai yi kusan awa biyu da rabi, bayan an cire hasara.

Amma a ganina tanadin da ya fi muhimmanci shi ne wayar hannu. Tun kafin taro a kunna rabon intanet ɗinta, a haɗa kwamfuta da ita sau ɗaya domin ta haddace kalmar sirri, a kuma sayi aƙalla giga ɗaya don kowace awa, a layin Airtel ko Zamani, wanda ya fi ƙarfi a unguwar. In murya ta soma sarƙewa, a kashe hoto, murya kaɗai ta wadatar. Kuma a yi ittifaƙi da mahalarta tun farko cewa in shiru ya kai minti biyar, za a koma kiran waya.